"Ba laifi" yabo ne ko ƙi? Auna abin da ke ran mutane a bidiyon zaman jin ra'ayi

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin binciken kasuwa a nan Kano. Mun ɗauki bidiyon zama shida na jin ra'ayin mata a kan wani sabon abin sha, kowane zama awa ɗaya da rabi. Masu kayan sun ce lamba suke so: kashi nawa suka ji daɗi, kashi nawa ba su ji ba. Oga ya ce mu biya kuɗin manhajar nan da ke karanta fuska. Ta ina zan fara?

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Ki ce wa oganki ya ɗan riƙe kuɗinsa tukuna. Dalilina wani aiki ne da ya ratsa ta hannuna, kuma a cikinsa ne za ki ga matakan da nake so ki bi.

An taɓa kawo mana garin kunun gyaɗa a 'yar leda, irin wanda sai dai ki zuba ruwan zafi ki motsa. Muka yi zama shida kamar naku, mata takwas-takwas, a wani ɗakin taro da ke wajen Titin Gidan Zu. Wanda ya ba mu aikin ya dage sai an sa bidiyon a manhajar karanta fuska, aka sa. Da sakamako ya fito, layin "farin ciki" ya kai ƙololuwa a minti na hamsin da wani abu a kusan duk zaman. Mutumin har ya fara murna. Na koma bidiyon na nemo mintin, ashe daidai lokacin da mai jan zama ta faɗi farashin leda ɗaya ne. A zama na uku wata mata ta tafa hannu ta ce, "Kai! Ai da wannan kuɗin gara in auno gyaɗata in kai inji." Ɗakin ya ɗauki shewa. Haƙora a waje, kumatu sun tashi, idanu sun ƙanƙance. Manhajar ba ta yi ƙarya a kan abin da ta gani ba, dariya ce kuwa. Amma dariyar da aka yi wa farashi ce, kuma ita ce mafi munin labari a duk binciken.

Abin da irin waɗannan manhajoji ke aunawa shi ne motsin naman fuska. Yawancinsu an gina su a kan wani tsari da Paul Ekman da Wallace Friesen suka fitar a 1978, wanda za ki riƙa ganin sunansa FACS a allo. Sun rarraba motsin fuska suka ba kowanne lamba: AU12 shi ne jan gefen baki sama, AU6 tashin kumatu, AU9 tattare hanci, AU4 haɗe gira. Tsarin a karan kansa ba shi da aibu, domin bayanin motsi kawai yake yi. Matsalar tana mataki na gaba, inda manhaja ke cewa tunda AU6 da AU12 sun haɗu to mutum yana farin ciki. A 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu masana huɗu suka bi diddigin bincike sama da dubu a kan wannan, suka ce ba a iya dogara da fuska kaɗai a gane abin da mutum yake ji: mutum ɗaya kan nuna fushi ta hanyoyi daban-daban, kuma fuska ɗaya kan ɗauki ma'anoni da yawa gwargwadon wuri da al'ada. A 2022 kamfanin Microsoft da kansa ya sanar da janye sashen gane yanayin rai daga manhajarsa ta fuska. Ki ƙara da cewa fatarmu ba ita ce ta fi yawa a hotunan da aka koyar da na'urorin nan da su ba. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya nuna wasu manhajojin kasuwa suna kuskuren gane jinsi a kusan kashi 35 cikin 100 na hotunan mata masu duhun fata, alhali a farar fatar maza kuskuren bai kai kashi 1 ba. Wannan jinsi ne kawai, ba a ma zo kan abin da ke zuciya ba. Sannan ga hijabi ya rufe goshi da haɓa, ga wadda in za ta yi dariya sai ta ja gefen mayafi ta kare baki.

To me za ki yi da awa tara na bidiyo? Abu na farko, ki cire wa kanki tunanin auna shi gaba ɗaya. Yawancin abin da ke ciki gaisuwa ce da sauraro da gyaran zama da lallashin goyo. Ki nemo lokutan da aka sa wani abu a gaban matan kuma kowa ta gamu da shi a tare. A aikin kunun guda huɗu muka ware: lokacin da aka ɗaga ledar suka gan ta, lokacin da aka farke ta ƙamshi ya tashi, kurɓar farko, da faɗin farashi. Kowanne muka yanko daƙiƙa talatin, farawa daga daƙiƙa biyar kafin abin ya faru. Lokaci huɗu sau zama shida, yanki 24 ke nan. In kina da manhajar yanka bidiyo ta ffmpeg a kwamfuta, haka ake yankowa, layi na biyu kuma yana cire sauti:

```
ffmpeg -ss 00:41:05 -i zama3.mp4 -t 30 -c copy z3_kurba.mp4
ffmpeg -i z3_kurba.mp4 -an -c:v copy z3_kurba_shiru.mp4
```

Wani lokaci yankan ba ya sauka daidai daƙiƙar da kika rubuta, don haka ki buɗe ki duba cewa farkon abin yana ciki.

Kafin ki taɓa yankunan nan, ki kalli minti biyu ko uku na farkon zama, inda ake gabatar da kai ana hirar yara da tsadar kayan miya. Ki rubuta wa kowace mace layi ɗaya a kan yadda take in ba abin da ya dame ta. Wata Allah ya yi ta da fara'a, ko zaginta ake yi murmushi ba ya barin fuskarta. Wata kuwa girarta a haɗe take tun shigowarta, ƙila hasken fitila ne, ƙila ta baro tukunya a wuta. Idan kika jera su a ma'auni ɗaya, ta farko za ta fito mai son komai, ta biyu mai ƙin komai, duk kuwa ba gaskiya ba ne. Ana gwada kowace mace da kanta ne: me ya sauya a gare ta daga yadda take ɗazu? A jadawalinmu ba ma sa suna, lamba muke ba kujeru daga hannun daman mai jan zama, sai ki ga Z3-K5, wato zama na uku kujera ta biyar.

Yanzu ga ainihin aikin. Kowane yanki za a bi kowace mace sau uku, ana neman abu dabam a kowane karo, kuma a rubuta su a gurbi dabam ba tare da an cakuɗa ba.

Karo na farko babu sauti, fuska kawai. Nan dokar ita ce a rubuta abin da ido ya gani, ba abin da aka fahimta ba. "Ta tattare hanci, ta kau da kai hagu" rubutu ne mai kyau. "Ta ji ƙyama" ba shi ba ne, domin kin riga kin yanke hukunci. Muna da 'yan alamomi da muka daidaita a kansu: yatsina fuska, taɓe baki, ɗage gira, sunkuyar da kai, rufe baki da mayafi, gyaɗa kai, kallon maƙwabciya. Wannan na ƙarshen ki kula da shi sosai. Mace ta kurɓa, ba ta ce komai ba, ta saci kallon ta kusa da ita, su biyun suka sunkuyar da kai. An gama magana a nan, ba manhajar da za ta kama ta.

Karo na biyu, hannu. Ta sake kai kofin baki ko ta ajiye? In ta ajiye, kusa da ita ko ta ɗan tura shi gaba? Ta juya ledar ta karanta bayanta? Ta ba ɗanta ya sha? A ƙarshen zama, da aka ce mai so ta ɗauki ragowar ledoji, wa ta miƙa hannu da wuri, wa ta tsaya gyaran hijabi?

Karo na uku ne ake kunna sauti, a rubuta abin da ta faɗa kalma da kalma, da Hausar da ta faɗe shi, da daƙiƙar da ta faɗa, da kuma wadda ta riga ta magana.

Me ya sa nake raba su haka? Saboda labarin yana wurin da suka saɓa wa juna. A kurɓar farko a zama na uku, Z3-K2 ta runtse ido, ta tattare hanci, ta ja baki baya. Manhaja ta ba ta "ƙyama" mai yawa. Amma cikin daƙiƙa goma ta sake kurɓa, ta sake, kofinta ne ya fara ƙarewa, ta kuma tambaya ko akwai ƙari. Tsami ne ya kama mata muƙamuƙi. Duk wanda ya taɓa tsotsar tsamiya ya san fuska takan yi haka ko da abin ya yi miki daɗi, haka ma zafi in ya taɓa harshe. Ita kuwa Z3-K5 ta kurɓa, ta yi murmushi mai kyau, ta gyaɗa kai ta ce, "Ba laifi, wallahi kun yi ƙoƙari." Ta ajiye kofin a ƙasa gefen ƙafar kujera, har aka tashi ba ta sake waiwayarsa ba. A takardar manhaja K5 ce mai son kaya, K2 ce mai ƙi. A kasuwa kuwa kin san wadda za ta fitar da kuɗinta.

Wannan ya kawo mu ga kalmomin, inda na fi ganin baƙi suna faɗawa rami. An kira mace, an biya mata kuɗin mota, an ba ta lemo, ga mai jan zama ta sakar mata fuska. Kara ba za ta bar ta ta ce kayanku ba daɗi ba. Za ta ce "ba laifi", ko "madalla", ko "Allah ya sa albarka", ko "ai kun yi ƙoƙari". Idan aka fassara rubutun zuwa Turanci aka miƙa wa mai kaya, duk yabo zai gani. Mu kuwa mun san "kun yi ƙoƙari" sau da yawa ta'aziyya ce. Yabo na gaske yana da kamanni: yakan zo da sauri, yakan kama wani abu takamaimai, yakan ja tambaya. "Kai, gyaɗar ta fito!" "A ina ake sayarwa?" "Ya shigo Singa?" Suka kuma takan ɓuya a bayan "sai dai", ko a ɗora ta a kan wanda ba ya ɗakin: "Ni dai ba ruwana, amma maigidan ba ya son abu mai zaƙi haka." Sau da yawa maigidan nan ita ce. A jadawalinmu mun ware wa irin su "ba laifi" aji nasu da muke kira ladabi, ba ma ƙirga su a yabo ko a suka sai mun ga abin da hannu ya yi. Har "to" ma kala-kala ce. Akwai gajeriyar "to" ta amincewa, akwai "tooo" mai ja wadda ke nufin mun ji dai. Ga tsaki, wanda mai rubuta magana yakan tsallake saboda ba kalma ba ce, alhali ya fi jimla goma nauyi. Ki gaya wa mai yi muku rubutu ya riƙa sa shi, da dariya, da shirun da ya wuce daƙiƙa uku.

Akwai ƙoƙarin da masananmu suka yi na koya wa kwamfuta gane yabo da suka a Hausa, kamar tarin NaijaSenti na 2022, aiki mai kyau. Amma saƙonnin Tuwita aka tara a ciki, inda mutum ke zazzaga abin da ke ransa ba ya ganin idon kowa. Matar aure a gaban baƙuwa da kyamara wata Hausar take yi. Manhajojin da ke auna murya ma ki yi hattara da su. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na cikin ginin kalma, kuma jimla takan faro sama ta riƙa gangarowa. Na'urar da ta saba ɗaukar tashin murya a matsayin zumuɗi za ta ruɗe. In ga fanka na kaɗawa, janareta na ruri a bayan taga, to abin da take aunawa ma ba muryar matan ba ce.

Sai batun wa ta fara. Mutum takwas a ɗaki ɗaya ba ra'ayi takwas ba ne. A zama na biyar akwai wata Hajiya da ta girme wa sauran, muryarta a cike. Tana ajiye kofi ta ce, "Masha Allah, wannan ai kamar na gida." Daga nan duk wadda aka tambaya sai ta ce, "Kamar dai yadda Hajiya ta faɗa." In kin ƙirga baki, takwas cikin takwas sun yaba. Da muka koma daƙiƙu huɗu da ke tsakanin kurɓa da buɗe bakin Hajiya, mata biyar sun riga sun sauke kofi, biyu daga cikinsu sun kalli juna. Wannan ɗan tsakanin, kafin babba ta yi magana, shi ne wuri mafi tsada a duk bidiyonki. Shi ya sa na ce ki riƙa rubuta daƙiƙa. Duk motsin da ya zo bayan wata ta yi magana ko ta yi dariya, ki sa masa alamar cewa biyo baya ne. Daga baya ma muka gano mai nemo mana mata ta kawo Hajiyar tare da matar ɗanta, wadda ba ta ɗaga kai ba tun daga farko har ƙarshe. Layinta muka cire daga lissafin fuska da na magana, muka bar na hannu kawai.

Kayan aiki ba wani abu ne mai tsada ba. Excel ya isa: layi ɗaya ga kowace mace a kowane yanki, gurbin fuska, na hannu, na magana, na daƙiƙa, sai gurbin hukunci. Yanki 24 sau mata takwas, layi 192. In kina son abin ya manne da bidiyon, akwai ELAN, kyauta ce, cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ta ƙasar Holan ce ta yi ta don masu nazarin harshe. Takan ba ki damar buɗe wa kowace mace layinta a ƙarƙashin bidiyo ki ja alama daga daƙiƙa kaza zuwa kaza. Kallo zalla, layi 192 sau uku sau rabin minti, bai kai awa biyar ba a lissafi. A aikace ki ware kwana uku, saboda komawa baya da ido da ke gajiya. Bayan awa biyu a zaune kowa sai ya fara yi miki kama da mai fushi.

Kada ki yi shi ke kaɗai. Ke kin zauna a ɗakin, kin san wadda ta ba ki haushi, kin kuma san abin da oga yake fatan ji. A samu mutum biyu da suka tashi cikin Hausa, zai fi kyau mata tunda zaman na mata ne, kowace ta yi nata ba tare da ganin na ɗayar ba. A kowane gurbi ta zaɓi ɗaya cikin uku: karɓa, ƙi, ko babu sauyi. Sannan a gwada yawan inda suka dace. A nan akwai tarko. Mu da muka gwada layi 100 na gurbin fuska, sun dace a 78, muka ce madalla. Amma matanmu akwai kawaici, yawancin layukan "babu sauyi" ne, don haka ko da ido rufe suke cikawa za su dace a da yawa. Maganin wannan shi ne lissafin da Jacob Cohen ya fitar a 1960, ana ce masa kappa:

```
kappa = (po - pe) / (1 - pe)
```

A nan po shi ne dacewar da aka samu, wato 0.78. Shi kuma pe dacewar da sa'a kaɗai za ta iya bayarwa. Ta farko ta ba da karɓa 20, babu sauyi 70, ƙi 10. Ta biyu ta ba da karɓa 25, babu sauyi 65, ƙi 10. Sai a ninka kowane aji da ɗan'uwansa a tara:

```
pe = (0.20*0.25) + (0.70*0.65) + (0.10*0.10) = 0.515
kappa = (0.78 - 0.515) / (1 - 0.515) = 0.55
```

Kin ga 78 ɗin nan da ta burge mu ta dawo 0.55, inda 1 ke nufin dacewa cikakkiya, sifili kuma sa'a zalla. Ni ba na kai wa mai kaya abin da bai haura 0.6 ba, na fi samun natsuwa in ya kai 0.7. Muka zauna mu uku muka buɗe layuka 22 da suka saɓa. Fiye da rabinsu abu ɗaya ne: rufe baki da mayafi. Ɗaya tana ɗaukarsa dariyar jin daɗi, ɗayar tana ɗaukarsa ɓoye yatsina. Muka yanke cewa shi kaɗai ba ya zama hukunci, a bar shi a "babu sauyi" sai in ido ko kafaɗa sun nuna dariya. Da suka sake yi a kan wasu layukan da ba su taɓa gani ba, kappa ta haura 0.7. Ki lura, sababbin layuka. In kuka maimaita waɗanda kuka riga kuka tattauna, dole ku dace, kun yaudari kanku ne kawai. Gurbin hannu kuwa tun farko bai ba mu wahala ba, domin ba a musu a kan ko mace ta sake ɗaga kofi.

Ga abin da ya fito a ƙarshe. Cikin mata 48, 41 sun faɗi kalma mai daɗi a kan ɗanɗano, amma 26 daga ciki ajin ladabi ne. Mata 19 ne suka shanye ko suka kusa, 29 suka bar fiye da rabin kofi. Da muka duba su wane ne 19 ɗin, yawancinsu daga zama biyu na ma'aikata da ɗalibai suke, masu fita da sassafe. Matan da ke dama kununsu da kansu su ne suka ajiye kofi, kuma bayan "sai dai" ɗinsu magana ɗaya ke ta dawowa: tsamin ba na tsamiya ba ne, yana tsayawa a maƙogwaro. Muka tambayi masu kayan, suka tabbatar garin tsami na kamfani suka sa. Wannan jimla ɗaya ta fi musu amfani a kan duk zanen da manhaja ta fitar.

Game da kashi cikin ɗari da suke nema, ki ba su lamba amma ta ƙirga: mata 29 cikin 48, a zama huɗu cikin shida. Kada ki rubuta "kashi 60 na matan Kano". Ba ƙuri'a aka jefa aka zaɓo matan nan daga Fagge da Gwale da Tarauni ba, wata ce ta kira waɗanda ta sani, kuma a kowane ɗaki sun shafi juna. Abin da zama shida ke iya nunawa shi ne mene ne matsalar, a wane lokaci take tasowa, a wurin waɗanne irin mata. In suna son sanin yawan masu wannan ra'ayi a gari, sai a fita da takardar tambayoyi a samu ɗaruruwan mutane, kuma yanzu kun san tambayar da za ku yi. A rahoton, kowace lamba ki haɗa ta da yanki ɗaya ko biyu na bidiyo. Mai kaya zai iya musu da jadawali, amma in ya ga kofi a gefen ƙafar kujera yakan yi shiru.

Sai dai kafin ki tura wa kowa fuskar matar mutane, ki koma takardar amincewar da suka sa wa hannu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin wannan bidiyon, kuma amincewa a ɗauka don bincike ba ita ce amincewa a ɗora shi a manhajar wani kamfani a ƙasar waje ba, ba kuma ita ce amincewa a nuna shi a taron 'yan kasuwa ba. In takardarku ba ta faɗi haka ba, wannan kaɗai ya isa ya dakatar da shawarar oga. Ko ba doka, kin san garin nan. Yanki ɗaya ya faɗa Wasaf, maigidan wata ya gani, kun rasa unguwa guda har abada. Mu mukan dusashe fuska a yankin da zai fita daga ofis, ko mu nuna hannu da kofi kawai.

Ban ce manhaja ba ta da rana sam ba. In mutum ɗaya ne zaune gaban allo yana kallon talla, fuskarsa na fuskantar kyamara, haske ya wadata, takan taimaka wajen nuna daƙiƙar da fuskoki suka motsa, sai ke ki je ki duba dalili. In oga ya nace, ku nemi gwajin kyauta, ku sa yanki biyar na waɗanda suka amince, ku kwatanta da abin da masu sa alamarku biyu suka samu. Ki fara duba abu ɗaya: a daƙiƙa nawa cikin talatin ta ma iya kama fuskar kowace mace. A namu, matan da ke gefe-gefen teburi da kyar take kama su, domin sun juya suna kallon mai jan zama.

Bidiyon da kika riga kika ɗauka ba yadda za ki yi da shi, amma zama na gaba ki gyara ɗaki. Kyamara biyu, kowace ta ɗauki mata huɗu, a tsayin fuskar wanda ke zaune, kuma teburi ya fito a hoton. Taga ta kasance a bayan kyamara, kada ta kasance a bayan matan, in ba haka ba inuwa za ki ɗauka. Farin hijabi yakan sa kyamara ta rage haske fuska ta yi duhu, don haka a saita hasken da hannu a kan fuska. A ajiye na'urar ɗaukar murya a tsakiyar teburi, a tafa hannu sau ɗaya a farko don a samu inda za a daidaita sauti da hoto. A tambayi mai nemo mata ko akwai surukai ko kishiyoyi a cikinsu, a raba su zama dabam. Kofuna su zama masu nuna ciki, a zuba daidai wa daida, a rubuta lambar kujera a gindi, a auna ragowar bayan an tashi.

Abu na ƙarshe tsohuwar dabara ce. A farkon shekarun 1940, lokacin da Paul Lazarsfeld da Robert Merton suke gwada shirye-shiryen rediyo a Amurka, inda wannan sana'a tamu ta samo asali, kowane mai sauraro ana ba shi maɓalli biyu, kore in abin ya yi masa, ja in bai yi ba. Yana dannawa shi kaɗai, sai daga baya a zauna a tambaye shi dalili. Mu a nan kati muke amfani da shi. Kowace mace a ba ta ƙaramin kati mai lambar kujerarta da zanen kofi uku, cikakke da rabi da wanda ba komai, don wadda ba ta karatu ma ta iya. Mai jan zama ta ce, "Kowa ta sha, kada wadda ta ce komai. Ki zagaye kofin da ya nuna yadda za ki sha in a gidanki ne, ki ninke ki jefa a kwanon nan." Sai an rufe kwano sannan ta juya ta ce, "To Hajiya, bismillah, me kika gani?"